Takardar ajiye aikin Sani, kafin gyara da bayansa

Sani, na ga abin da ka turo. Ga naka yadda yake:

Batu: Ajiye aiki

Assalamu alaikum Alhaji

Ina sanar da kai cewa, zan ajiye aiki, ranar 30 ga Yuni 2025. Na samu wani aikin a Kano kuma, iyalina suna can. Makullan ofis littafin lissafi da wayar kamfani zan ba, Malam Habu. A biya ni albashin Yuni kafin in tafi.

Na gode
Sani

Ga shi kuma bayan na taɓa:

Batu: Ajiye aiki

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa, ina sanar da ku cewa zan ajiye aiki ranar 30 ga Yuni 2025. Na samu wani aikin a Kano, kuma iyalina suna can. Makullan ofis, littafin lissafi da wayar kamfani zan ba Malam Habu. Ina roƙon a biya ni albashin Yuni kafin in tafi.

Na gode ƙwarai da riƙon da kuka yi mini. Allah Ya ƙara buɗi.

Sani

Ban sake maka tsari ba, don Alhaji ya san yadda kake rubutu, in ya ga baƙon salo zai ce wani ya rubuta maka. Waƙafin kawai ka zuba inda ba a nemansa, ka hana inda ake bukata. Wanda ke bayan "cewa" da na gaban "ranar" na cire, ba abin da suke rabawa. Na bayan "kuma" ya koma gabansa. Wanda ya ba ni dariya shi ne "zan ba, Malam Habu": da waƙafin nan kamar Malam Habu kake kira, ba a san wa zai karɓi makullan ba. Jerin kayan kuwa babu ko ɗaya, har aka samu wani abu wai shi "ofis littafin lissafi".

Sai zancen harshe. Mutumin da ya ɗauke ka daga ɗakin haya a Agege, ya damƙa maka lissafin tireloli a Apapa shekara 6, ba a ce masa "kai" a takarda, ba a kuma shiga magana babu gaisuwa. "A biya ni" umarni ne. Haƙƙinka ne, shi ya sa na bar jimlar, "ina roƙon" kawai na ɗora mata a gaba.

Ranar da ka sa ta yi, muddin ka tura kafin Mayu ya ƙare. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya kai shekara 5 yana aiki ya ba da sanarwar wata guda. Amma kada ka tura sai ka same shi a ofis bayan azahar ka faɗa masa baki da baki, imel ɗin ya biyo baya.

Ka gaishe da mutanen gida.

Yayanka,
Bashir