Wasiƙa zuwa ga malamar aji huɗu kan rashin zuwan Sadiya makaranta

Lahadi, 19 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Malama Rabi,
Malamar aji huɗu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya fama da yara? Allah Ya saka da alheri.

Na rubuto ne in sanar da ke dalilin da ya sa ba ki ga 'yarki Sadiya Musa a aji ba tun daga Litinin 13 ga wata har Juma'a 17 ga wata, kwana biyar ke nan na karatu. Ki yi mini afuwa da ban aiko da wuri ba. Na yi niyyar kiranki tun ranar Talata, sai hidimar jinya ta ɗauke mini hankali.

Abin ya fara ne a daren Lahadin da ta wuce. Wajen ƙarfe biyu ta tashe ni tana kuka da murɗawar ciki, kafin asuba ta yi amai sau uku, gudawa kuma ta biyo baya. Da farko na ɗauka ɓacin ciki ne na kwana ɗaya, na jiƙa mata ruwan gishiri da sukari na leda, wanda ake zubawa a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ina ba ta kaɗan-kaɗan da cokali. Amma duk abin da ta sha sai ya dawo. Zuwa yammacin Litinin idanunta sun faɗa, leɓɓanta sun bushe, jikinta ya yi zafi, kuma tun safe ba ta yi fitsari ba. Wannan na ƙarshen ne ya tsorata ni, muka tafi asibiti ni da mahaifinta.

Likita ya ce ruwan jikinta ya yi ƙasa sosai, aka ba mu gado, aka yi mata ƙarin ruwa, muka kwana biyu a can. An gwada jininta da bayan gidanta. Ba a sami zazzaɓin cizon sauro ba, ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga hanjinta, irin waɗanda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ko ta hannun da ba a wanke ba. Ban san inda ta ɗauko ba, kuma ba na ɗora wa kowa laifi. Na dai faɗa miki ne don idan kin ga wani yaro a ajin yana yawan neman izinin fita ko yana riƙe ciki, ki sanar da iyayensa da wuri, domin abin yana saurin kayar da yaro.

An sallame mu ranar Laraba. Gudawar ta tsaya ranar Alhamis da dare, likita kuma ya ce kada ta shiga cikin yara sai ta yi aƙalla kwana biyu babu amai babu gudawa. Shi ya sa na riƙe ta ranar Juma'a, ko da yake ta yi ta rigima wai ana ta wuce ta a lissafi. Na haɗo takardar asibitin da wannan wasiƙa, idan ofishin shugaban makaranta zai buƙace ta.

In sha Allahu gobe Litinin za ta dawo, sai dai har yanzu jikin bai gama ƙwari ba, za ki ga ta rame. Ina roƙon a ɗaga mata guje-guje da shara na wannan mako. Idan ta nemi zuwa bayi, don Allah a bar ta nan take. Kin san ta da kunya, tana iya dannewa ta yi shiru har abin ya fi ƙarfinta. Zan haɗo ta da gorar ruwanta da abincinta daga gida, na kuma ja mata kunne kada ta ci na kowa, ta riƙa wanke hannu da sabulu. Maganinta na safe da dare ne, a gida za ta riƙa sha, ba sai an ba ta komai a makaranta ba.

Sai maganar karatu. Ƙawarta Maryam ta ce an yi gwajin lissafi ranar Laraba, an kuma shiga sabon darasi na rabawa. In da hali, a sa mata ranar da za ta rubuta nata, ko da ƙarshen mako ne. Ki kuma rubuta mata shafukan da aka yi a bayan littafinta, yayanta zai zauna da ita da yamma su bi su a hankali.

Idan kin ga jikinta ya canza a aji, ko da ciwon ciki kaɗan ne, a kira ni ta lambar da ke cikin rajistar makaranta, ina gida duk wannan mako.

Na gode ƙwarai, Malama. Allah Ya bar zumunci.

Taki,
Hajara,
mahaifiyar Sadiya Musa.