Yadda za ka haɗa gahawa a butar dannawa ba tare da laka ta cika maka kofi ba

Wannan bayanin na sabon shiga ne, wanda ya samu butar gilashin nan mai murfi da sanda da raga a ƙasa, wadda in za ka neme ta a intanet sai ka rubuta French press. Butar ba sabuwa ba ce, tun 1929 wani ɗan Italiya Attilio Calimani ya yi rajistar ƙirarta, kuma har yau aikinta bai canja ba: ka jiƙa garin gahawa a ruwan zafi, ya tsumu, raga ta tare garin ka tsiyaye ruwan. Shi ke nan fa. Amma duk da sauƙin nan mutane da yawa in sun gwada sai su ce ɗaci, ko kuma kurɓar ƙarshe duk laka ce, to yawanci ba laifin butar ba ne, laifin niƙa ne da gaggawa.

Zan yi misali da buta mai cin lita 1, za mu haɗa na kofi biyu. Af, kar rubutun jikin kwali ya ruɗe ka, in ka ga an ce ta kofi 8 ce to ƙananan kofuna suke nufi, lita 1 ɗin ce dai, mai kofi 3 kuma wajen mil 350 take ci.

Abin da za ka tanada: gahawa giram 30, ruwa mil 500, cokula biyu, agogo ko taimar waya, sai sikelin kicin in kana da shi. In babu sikeli, babban cokali ɗaya na gari yana kai giram 5 zuwa 6, ka ga wajen cokali 5 ko 6 ke nan, sai dai awon cokali ba shi da tabbas don gahawar da aka soya ta yi baƙi ta fi rashin nauyi. Lissafin dai kusan giram 60 ne a kowace lita, in kana son ta da ƙarfi ka kai 70. Kuma ka sani garin zai shanye ruwa kamar ninki biyu na nauyinsa, saboda haka mil 500 ɗin nan ba duka zai dawo maka ba.

Yanzu maganar niƙa, a nan zan ɗan daɗe don nan ne tushen lakar. Ragar butar nan ta ƙarfe ce, ƙofofinta sun fi na filtar takarda girma nesa ba kusa ba, duk abin da ya yi laushi kamar ƙura wucewa zai yi abinsa. Don haka ɓarzawa ake yi, ba niƙa lilis ba, ka murza a yatsa ka ji shi kamar gishiri mai tsakuwa-tsakuwa. Garin da aka niƙa don injin esfureso sam bai dace ba, zai toshe ragar ya kuma ba ka ɗaci. Mai narkewa nan take kuwa, wanda ake zubawa a ruwa ya ɓace, shi ba ruwansa da wannan butar ma. Injin niƙa kala biyu ne, akwai mai wuƙa da ke juyawa kamar bilenda, akwai mai haƙora biyu da ke murƙushe ƙwayar a tsakaninsu. Mai wuƙan sara kawai yake yi ba tsari, wani ɓangaren ya fito manya wani ya zama ƙura, kuma ƙurar ce lakarka. Mai haƙora ya fi, ko da na hannu ne. In mai wuƙa gare ka kar ka damu, ka riƙa dannawa kaɗan-kaɗan kana girgiza shi a tsakani, in ka gama ka zuba a rariya mai ƙananan ƙofofi ka ɗan kaɗa ƙurar ta fita. Amma kar kuma ka wuce gona da iri ka ɓarza manya-manya don tsoron laka, wannan tsararo zai ba ka mai tsami.

To mu fara. Ka ɗora ruwa, in ya tafasa ka zuba kaɗan a butar ka jujjuya ta ɗauki ɗumi ka zubar, dalili shi ne gilashi mai sanyi yana sace zafin ruwa. Sauran ruwan ka bar shi ya huta kamar sakan 30 zuwa minti 1 bayan ka sauke, abin da ake nema wajen digiri 92 zuwa 96 ne a ma'aunin Salshiyas. Ba sai ka sayi ma'aunin zafi ba gaskiya. In gahawar baƙar suya ce ka ƙara jira kaɗan, in suyar ba ta yi nisa ba tana iya ɗaukar ruwan da zafinsa. Ruwan kuma ya zama mai daɗin sha, in yana warin kulorin to za ka ji shi a kofi.

Zuba gari a butar, kunna taima, sai ka zuba ruwan duka mil 500 a tashi ɗaya kana zagayawa yadda ko'ina zai jiƙe. In ka hango busasshen gari ya maƙale a wani gefe ka ɗan tura shi da cokali, a hankali don cokalin ƙarfe na iya tsaga gilashi. Za ka ga kumfa ta taso garin ya kumbura, iskar da suya ta bari a cikin ƙwayar ce ke fita, in sabuwar suya ce kumfar ta fi yawa. Ɗora murfin don zafi kar ya gudu amma sandar tana sama, kar ka danna komai.

Minti 4 za ka jira. Wannan shi ne lokacin da kusan kowa ke farawa da shi, ƙasa da minti 3 yawanci ba ta gama fitowa ba sai ka ji tsami-tsami da rashin jiki. Kada ka yi ta buɗewa kana juyawa, bar ta.

Da minti 4 ya cika, ga inda mutane ke rabuwa. Hanyar da aka saba ita ce ka danna nan take ka zuba, kuma ba laifi in kana sauri, gahawa za ta yi, sai dai da laka. Ni wadda nake ba sabon shiga shawara ita ce ta biyu. Buɗe murfin, za ka ga garin ya yi ɓawo a sama, sa cokali ka fasa ɓawon ka juya sau biyu ko uku a hankali, yawancin garin zai nutse ƙasa da kansa. Abin da ya rage a sama, kumfa da 'yan ɓurɓushi, sai ka haɗa cokula biyu ka kwashe ka zubar. Daga nan ka mayar da murfi ka ƙyale ta minti 5, in kana da haƙuri har 8 ma, kar ka ɗaga butar kar ka girgiza tebur. A wannan zaman ne ƙurar da raga ba ta iya tarewa take sauka ƙasa ta kwanta. Za ka ce ai za ta yi ɗaci, to ba sosai ba, don garin ya riga ya taru a ƙasa ruwan kuma yana hucewa, tsumuwar ta ragu ƙwarai, ga shi dama a minti 4 ta yi zafin da ba ta shawuwa.

Dannawa kuma, don Allah ba da ƙarfi ba. Riƙe murfin da hannu ɗaya, juya bakin butar gefe ba wajen jikinka ba, ka tura sandar a miƙe a hankali. In ka bi hanya ta biyu ba ma sai ka kai ta ƙasa ba, ka sauke ragar ta ɗan shiga ƙarƙashin saman ruwan ka tsaya, aikinta yanzu tacewa ne kawai. In ka kai ta ƙasa ka matse garin, duk lakar da ka ɓata minti 5 kana jira ta kwanta sai ta sake tashi. Mai bin hanyar farko shi zai kai ƙasa, amma ya ɗauki kamar sakan 20 yana sauka. In ka ji sandar ta cije kar ka yi kokawa da ita, ja ta sama kaɗan ka sake gwadawa, don tura ta da ƙarfi na iya sa ruwan zafi ya yi tsartuwa ya ƙona ka, gilashin ma na iya fashewa. Cijewar alama ce niƙan ya yi laushi da yawa. In kuma ta zurma ƙasa ba wani nauyi, ko ɓarzan ya yi girma ko gefen ragar ya lanƙwashe.

Tsiyaya a hankali, karkatawa ɗaya, ba ka zuba ka miƙar ka sake karkatawa ba don kowace miƙarwa tana motsa na ƙasa. Kuma ka haƙura da ɗan ruwan ƙarshen nan, da ka ga ya fara duhu yana kauri a bakin butar ka tsaya, cokali biyu uku da za ka bari ba asara ba ce. In akwai ragowa da za ka sha an jima ka juye a filas, kar ka bar ta zaune kan garin, ɗaci take ƙarawa. A kofin ma ka bar kurɓar ƙarshe.

Gaskiya guda, butar nan ba za ta taɓa ba ka ruwa garau kamar na filtar takarda ba, kuma abin da masoyanta ke so ke nan, man gahawar yana wucewa ta raga shi ya sa take da jiki a baki. In ko ɗigon laka ba ka so, ka sake tace ta da filtar takarda a kan kofi. Wannan yana da wani amfanin, a cikin man akwai sinadarin kafestol da ke ɗaga kwalastaral a jini in ana sha da yawa kullum, takarda kuwa tana tare mafi yawansa, wanda likita ya ce ya kula da kwalastaral ya lura da wannan.

In ka ɗanɗana ba ta yi maka ba, abu ɗaya za ka canja a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka gane me ya gyara ba. Tsami da rashin jiki, ƙara laushin niƙa kaɗan ko ƙara minti 1 ko ruwan ya fi haka zafi. Ɗaci da bauri mai busar da harshe, ƙara girman ɓarza ko ka bar ruwan ya ƙara hucewa. Ɗanɗano daidai amma ba ƙarfi, ƙara gari giram 3 zuwa 5.

Sai wanki. Kar ka juye garin a sinki, toshe bututu yake yi, kwashe shi da cokalin roba ko ka zuba ruwa ka tace a rariya ka zubar a shara. Ƙasan sandar yawanci warwarewa yake, faranti biyu ne da raga a tsakiya, ka riƙa kwancewa ko sau ɗaya a sati ka wanke da sabulu don tsohon gari da mai suna laɓewa a nan su ɓata maka ɗanɗano. Kafin ka kwance ka ɗau hoton yadda suke jere, wajen mayarwa ne ake rikicewa. In gefen ragar ya yage ko ya daina kama jikin gilashi ana sayar da ita daban, ka auna faɗin butarka kafin ka saya.