Daftarin Yarjejeniyar Gina Manhajar Odar Atamfa Tsakanin Hajiya Rabi da Malam Sadiƙu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Yau 5 ga Janairu, 2026, a birnin Kano, Hajiya Rabi, mai kafa kasuwancin, da Malam Sadiƙu, mai rubuta manhaja da ke zaman kansa, suka amince da abin da ke ƙasa. Malam Sadiƙu ɗan kwangila ne a wannan aiki, ba ma'aikacin Hajiya ba ne, ba kuma abokin tarayyarta ba, don haka ba shi da kaso a kamfani ko a riba.

1. Aikin da za a yi

Malam Sadiƙu zai gina manhajar wayar Android da Flutter, wadda 'yan sari daga wasu garuruwa za su riƙa duba atamfa, shadda da leshi na dillalan Kantin Kwari, su yi oda, su biya ta Paystack. Zai kuma gina shafin gudanarwa da Laravel, inda yaran shago za su saka kaya da farashi. Manhajar za ta kasance da Hausa da Turanci. Manhajar iPhone da bin sawun direbobi ba sa cikin wannan kwangila. Duk ƙarin da Hajiya ta nema daga baya, sai an rubuta shi da kuɗinsa da kwanakinsa kafin a taɓa shi. Saƙon WhatsApp da ɓangarorin biyu suka amsa ya wadatar, amma maganar baka ko kiran waya ba ta zama sharaɗi.

2. Mallakar kod

Wannan sashe ne ya fi ɗaukar mu lokaci, kuma da dalili. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, manhajar kwamfuta tana cikin rubuce-rubucen da doka ke karewa, haƙƙin yana fara zama ne a hannun wanda ya rubuta, kuma ba ya komawa hannun wani sai da rubutacciyar takarda. Wato biyan kuɗi kaɗai ba ya mayar da kod ɗin na Hajiya. Shi ya sa aka rubuta shi a nan ɓaro-ɓaro:

(a) Da zarar kuɗin wani mataki ya shiga asusun Malam Sadiƙu, duk abin da ya samar a matakin, da kod, da zanen fuskar manhaja, da tsarin rumbun bayanai, da takardun bayani, ya zama mallakar Hajiya Rabi kacokan, a ko'ina, ba tare da iyakar lokaci ba. Matakin da ba a biya ba yana nan a matsayin nasa, kuma Hajiya ba za ta yi amfani da shi ba, ko da yana cikin ma'ajiyarta.

(b) Ma'ajiyar kod a GitHub, asusun Google Play Console, asusun Paystack, sabar, da adireshin shafin mai ƙarewa da `.com.ng`, dukkansu da sunan Hajiya da imel ɗinta za a buɗe su tun ranar farko, ita ce kuma za ta riƙa biyan kuɗinsu. Shi izinin shiga kawai za a ba shi. Zai riƙa tura aikinsa zuwa ma'ajiyar aƙalla sau biyu a mako, kada aiki ya taru a kwamfutarsa shi kaɗai.

(c) Malam Sadiƙu yana da wasu guntayen kod da ya rubuta tun kafin wannan aiki, wato tsarin shiga da lambar waya da na rage nauyin hotuna. Waɗannan nasa ne, kuma adalci ne su ci gaba da zama nasa, domin da su yake neman abinci a wasu ayyukan. Amma ya ba Hajiya izini na dindindin, ba tare da ƙarin kuɗi ba, ta yi amfani da su, ta gyara su, ta kuma miƙa su ga wanda ya sayi kasuwancin ko ya gaje shi.

(d) Yana iya amfani da buɗaɗɗun manhajoji masu lasisin MIT, BSD ko Apache 2.0. Masu lasisin GPL ko AGPL kuwa sai da amincewar Hajiya a rubuce, saboda suna iya tilasta a buɗe kod ɗin manhajar ga wasu.

(e) Idan Hajiya ta kammala rajistar kamfani a Hukumar CAC, tana da damar mayar da duk waɗannan haƙƙoƙi ga kamfanin ba tare da neman sabon izini ba.

Malam Sadiƙu zai iya ambaton aikin da nuna hotunan fuskar manhajar ga masu neman ba shi kwangila, bayan an ƙaddamar. Kod ɗin da kansa ba zai nuna wa kowa ba.

3. Kuɗi da matakan biya

Jimillar kuɗin aiki Naira 3,600,000 ne, kamar haka:

Kafin alƙalami, ranar sa hannu: Naira 540,000.
Mataki na 1, zane da jerin kaya masu aiki a waya, 26 ga Janairu: Naira 900,000.
Mataki na 2, oda da biyan kuɗi da shafin gudanarwa, 23 ga Fabrairu: Naira 1,080,000.
Mataki na 3, ƙaddamarwa a Play Store da miƙa aiki, 30 ga Maris: Naira 720,000.
Ragowar Naira 360,000 tana hannun Hajiya har zuwa 29 ga Afrilu, bayan wa'adin gyara.

An ba mataki na 3 sarari ne saboda azumi da hutun Ƙaramar Sallah.

Idan ya gama mataki, zai sa masa alama a ma'ajiya, ya sanar da Hajiya a rubuce:

```
git tag mataki-2
git push origin mataki-2
```

Hajiya tana da kwana 5 na aiki ta gwada. Ko dai ta karɓa, ko ta rubuta ainihin abin da bai yi daidai ba. Idan ta yi shiru har kwanakin suka cika, an ɗauka ta karɓa. Biya yana zuwa cikin kwana 3 bayan karɓa, ta banki.

Babu kuɗin ruwa a kan jinkirin biya. Amma idan biya ya wuce kwana 7, Malam Sadiƙu yana da damar dakatar da aiki, kuma ranakun da suka rage su matsa gaba gwargwadon jinkirin. Idan shi ne ya yi jinkirin da ya wuce kwana 14 ba tare da uzurin da aka sanar tun da wuri ba, Hajiya tana iya soke kwangilar, ta riƙe abin da ta riga ta biya kuɗinsa, ta ba wani ya ƙarasa.

4. Miƙa aiki

Ba a cewa an miƙa aiki sai an cika waɗannan: kod ɗin ƙarshe yana cikin ma'ajiya, akwai `README.md` mai bayanin yadda za a tayar da manhajar daga farko, an miƙa wa Hajiya abin da ke cikin `.env`, wato fayil ɗin bayanan sirri na manhajar, da makullin ɗora manhaja a Play Store ta hanya mai tsaro, an koya wa yaran shago biyu aiki da shafin gudanarwa na tsawon awa 4.

Sannan akwai gwaji ɗaya da Hajiya ta dage a kansa. Wani mai rubuta manhaja da ita ta zaɓa zai zauna da takardar bayanin, ya tayar da komai a sabuwar kwamfuta ba tare da ya kira Malam Sadiƙu ba. Idan ya maƙale, takardar ce ba ta cika ba, kuma sai an gyara ta kafin a biya mataki na 3.

Bayan miƙawa, zai gyara duk tangarɗar da ta fito daga aikinsa kyauta har kwana 30. Ranar da aka biya ragowar kuɗi, Hajiya za ta canza kalmomin sirri, ta cire izininsa, shi kuma ya goge duk bayanan kwastomomi da ke na'urorinsa.

5. Sirri da saɓani

Lambobin wayar 'yan sari, adireshinsu da farashin dillalai amana ne. Ba zai kwafa ko ya ba wani ba, ko bayan kwangila ta ƙare, kuma ɓangarorin biyu za su kiyaye Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023.

Idan saɓani ya taso, za a fara zama da shaidun nan biyu cikin kwana 7. Idan bai warware ba, sai a je zauren sulhu na Multi-Door da ke ƙarƙashin Babbar Kotun Jihar Kano, kafin a kai ga shari'a. Idan rashin lafiya mai tsanani ko rasuwa ta gitta, za a ƙiyasta aikin da aka yi a matakin da ake ciki, a biya shi ko magadansa, aikin kuma ya koma hannun Hajiya.

Lauyan Hajiya zai duba wannan daftari yau kafin sa hannu, kuma kowane ɓangare zai riƙe kwafi ɗaya.

Mai kasuwanci: Hajiya Rabi
Mai rubuta manhaja: Malam Sadiƙu
Shaidar Hajiya: ƙanenta, Malam Nasiru
Shaidar Malam Sadiƙu: yayansa, Malam Kabiru