Aikin burtsatsen Rigasa: sabon wa'adi, Juma'a 14 ga Nuwamba

Assalamu alaikum, 'yan uwa abokan aiki,

Barkanku da ƙoƙari. Gara ku ji daga bakina kafin ku ji a bakin wani: ba za mu miƙa aikin ranar 24 ga Oktoba ba kamar yadda muka tsara. Mun ɗage zuwa Juma'a, 14 ga Nuwamba, kuma waɗanda suka ba mu aikin sun amince.

Jiya da daddare dillalin da ke kawo mana faifan sola da injinan jawo ruwa ya kira ni. Kwantenar ta iso Apapa tuni, amma an samu kuskure a takardunsa, sai an gyara kafin a sake ta. Ya yi alkawarin kayan za su sauka Kaduna ranar Talata, 21 ga Oktoba. Na sa ya rubuto wannan a takarda, sannan na ƙara mana kwanaki a lissafi, don kowa ya san halin hanyar Legas da babbar mota.

Injiniya Bashir ya kawo shawarar mu sayi wasu injinan a nan gari mu wuce wurin. Mun duba sosai, amma waɗanda muka samu ba su da garanti, ƙarfinsu kuma bai kai zurfin rijiya ta 3 ba. Mutanen da suka daɗe suna sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, bai kamata mu ba su abin da zai mutu kafin azumi ba.

Wannan jinkiri babu laifin kowa a cikinku. Rijiyoyi 3 kuka haƙa a tsakiyar damina, duka sun ba da ruwa. Ban manta ranar da motar haƙa ta kafe a laka ba, kuka kai har bayan isha'i kuna fama da ita.

Kafin kayan su iso, Malam Sani zai karɓo ƙarafunan ɗora tanki daga wurin masu walda a Panteka, a kafa su, a gama shimfiɗa bututu. Hajiya Rabi, don Allah a matso da horon kwamitin kula da rijiyoyin zuwa mako mai zuwa, tunda dā ma a gurguje za mu yi shi. Zuwa wurin mai unguwa kuma ku bar mini, gobe da safe zan je da kaina.

Kuɗin masu aikin yini za su fita ranar da aka saba, kuma ba wanda za a nema ranar Asabar ko Lahadi. Wanda sabuwar ranar ta ci karo da wani uzurinsa, ya same ni kafin zaman Alhamis, ƙarfe 10 na safe, a ofis. Shayi da ƙosai a kaina.

Allah ya saka da alheri, ya kawo kayan lafiya.

Naku,
Aminu
Jagoran aiki