Sanarwa ga Ma'aikata Kan Sabon Tsarin Inshorar Lafiya

Abokan aiki,

Muna farin cikin sanar da ku cewa daga ranar 1 ga Yuli, duk ma'aikacin dindindin zai shiga inshorar lafiya ta haɗin gwiwa. Kamfani zai ɗauki kashi 80 cikin 100 na kuɗin, sauran kashi 20 a riƙa cirewa daga albashi kowane wata.

Tsarin ya haɗa da ma'aikaci, da matarsa ko mijinta, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai son ƙara wani, shi zai biya kuɗin wannan mutum gaba ɗaya.

Ganin likita, gwajin jini da na fitsari, hoto, awon ciki, haihuwa har da ta tiyata, da rigakafin yara duk suna ciki. Masu hawan jini da ciwon suga za su fara karɓar magani tun ranar farko. Mun tsaya kai da fata a kan wannan, domin su ne suka fi shan wahalar sayen magani wata-wata.

Akwai iyaka. Kwanciya a asibiti kwana 30 ne a shekara ga kowane mutum, tabarau sau ɗaya a shekara biyu, cire haƙori ko cike shi sau biyu a shekara. Ba a biyan tiyatar kwalliya, da jinya a ƙasar waje, da maganin da mutum ya saya ba da takardar likita ba.

Inda aka fi yin asara shi ne tiyata. In ba ta gaggawa ba ce, dole asibiti ya samu lambar amincewa daga kamfanin inshora kafin a shiga da majinyaci. Ku tambaya, ku ga lambar da idonku, don in aka yi aiki babu ita, kuɗin ya dawo kanku. In kuwa larura ce ta gaggawa, ku nufi asibiti mafi kusa ko da ba ya cikin jerinmu, a sanar cikin awa 48, a kawo rasit na asali cikin kwana 30.

Ana karɓar fom a ofishin kula da ma'aikata daga ranar 2 ga Yuni, a mayar kafin ƙarfe 4 na yammacin ranar 20 ga Yuni. A haɗo da hoton fasfo biyu na kowa, da takardar haihuwar yara, da shaidar aure, sannan a zaɓi asibiti ɗaya daga jerin da ke bayan fom. Don Allah ku rubuta suna yadda yake a katin shaida, domin harafi ɗaya in ya saɓa, asibiti na iya ƙin karɓar katin inshorarku. Wanda ya makara sai watan Janairu. Jariri kuma a yi masa rajista cikin kwana 30 da haihuwa.

Bayanin rashin lafiyarku yana tsakaninku da likita da kamfanin inshora, shugaban sashenku ba zai gan shi ba. Masu tambaya su same mu a ɗakin taro ranar 5 ga Yuni, ƙarfe 11 na safe.

Allah ya ƙara mana lafiya.

Sashen Kula da Ma'aikata