Shin kowane darakta babban kasafi yake nema?

A wata majalisar shayi a Garwa da ke arewacin Kamaru, Kawu, wanda ya yi shekaru yana riƙe da lissafin wani ofishin gwamnati kafin ya yi ritaya, ya ce mini: "Ɗana, Disamba na ƙaratowa za ka ga ana sayo kujeru alhali na bara ba su karye ba. In ka mayar da ragowa, baɗi a rage maka." Bai san cewa masana sun daɗe suna musu a kan wannan ba.

Akwai wata mazhaba a ilimin tattalin arziki, nazarin zaɓin jama'a, wadda James Buchanan da Gordon Tullock suka aza wa tubali da littafinsu na 1962. Buchanan ya ci kyautar Nobel a 1986. Abin da suke cewa mai sauƙi ne: mutumin da ke neman riba a kasuwa ba ya rikiɗewa ya zama waliyyi don an ba shi ofis. A 1971 William Niskanen ya ɗora wannan a kan manyan ma'aikata. Darakta ba ya cin riba kamar ɗan kasuwa, amma girma, mota, yawan yara a ƙarƙashinsa da kwanciyar hankali duk suna bin kaurin kasafinsa. Kuma shi ya san ainihin abin da aiki ke ci, 'yan majalisar da ke amincewa da kuɗin ba su sani ba. Kamar ka aiki yaro kasuwar da ba ka taɓa shiga ba, abin da ya faɗa maka shi ne farashi.

Wannan ɓangaren na ɓoyon sani, a ganina, gaskiya ne. Sauran kuwa da gyara. Wasu masana biyu, Migué da Bélanger, sun nuna a 1974 cewa abin da jami'i ke so shi ne rarar da zai juya yadda ya ga dama, kuma Niskanen da kansa ya karkata ga hakan daga baya. Patrick Dunleavy ya ƙara da cewa manya sun fi son ƙaramin ofis mai daraja kusa da minista a kan katafariyar ma'aikata mai ciwon kai. Majalisa da ma'aikatar kuɗi ma ba gumaka ba ne, suna yanka.

Ga kuma wani abu. An ƙera ra'ayin ne da Amurka a zuciya. A Marwa ko Kuseri, shugaban asibitin da ya roƙi ƙarin sefa wataƙila allura ce ta ƙare masa da damina, lokacin da zazzaɓi ke cika gadaje. In ka ce son kai ne, ka zalunce shi, kuma ra'ayin da ke fassara kowace buƙata da son kai ba ya barin ƙofar da za a ƙaryata shi.

Na faɗa wa Kawu haka. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Mu ai ba girman kasafi ya dame mu ba. Wanda aka rubuta a Yawunde ma, sai ya iso tukuna."