Ƙidayar kayan kantar sito daga hoton da Buba ya turo

Assalamu alaikum, Yaya Alhaji. Da fatan an tashi lafiya, ya gida ya kasuwa. Hoton sito da Buba ya ɗauka jiya bayan la'asar ya iso mini nan Ngawundare, na buɗa shi sosai a waya na bi kantar hawa-hawa, da littafin shigar kaya a gefena. Abin da ido ya gani kawai na ƙirga. Inda ban ga abu ba, ban ce babu shi ba.

Hawan sama shi ya fi fitowa, don hasken taga a kansa yake. Madarar Nido ta gwangwani, matsakaiciya, guda 9 ce a jere, babba kuma 2. Ganyen shayi fakiti 14, sai ashana sinƙi 6 a can kusurwar dama. Wannan hawan bai da zurfi, ana ganin bango ta bayan gwangwanayen, saboda haka na amince da lissafinsa.

Hawa na biyu ne ya tayar mini da hankali. Sukarin ƙwaya na Sosukam, mai kilo ɗaya, fakiti 17 na gani, an jera su uku-uku sai biyu a ƙarshe. Kusa da su akwai katan ɗaya da bakinsa a buɗe, kuma yadda gefensa ya lotsa, ko dai babu komai a ciki ko saura kaɗan. Yaya ya san a ranakun yau da kullum muna fitar da wajen fakiti 10, masu shayin bakin tasha kaɗai suna kwashe rabi. Ke nan abin da ke kan kanta ba zai kai mu jibi ba, ga azumi ya ƙarato, lokacin da mai sayen fakiti ɗaya yake komawa uku saboda kunu da shayin buɗa-baki. Ko da katan ɗin nan cike yake, sukari ya yi ƙasa. A wannan hawan kuma akwai Magi sinƙi 11 da tumatirin gwangwani ƙarami guda 38 a layin gaba. Na hango kawunan wasu gwangwanaye a bayansu, to amma ban sa su a lissafi ba, tunda ba a san ko layi ɗaya ne ko biyu ba.

Hawa na uku na mai ne da taliya. Man Diyamawor na lita ɗaya kwalba 7, jarka mai lita 5 guda 2, ɗaya ma kamar an fara aunawa daga cikinta, don layin man ya sauka ƙasa da wuya. Akwai fili babba a tsakiya inda katan-katan na mai suka saba zama, har ana ganin shatinsu a ƙurar katako. Taliya ƙunshi 26, wannan da sauƙi. Sabulun Azur sanda 40 ko 41, gefen hoton ya yanke na ƙarshe.

Ƙasa kuwa buhun shinkafar Yagwa mai kilo 25 guda 6 na ƙirga, gishiri buhu 3, fulawa buhu 1.

Abin da nake ganin ya yi ƙasa, bisa gaggawarsa: sukari na farko, mai na biyu, sai fulawa, sai babbar madara. Fulawar buhu ɗaya ba za ta ishi matan nan biyu masu fanke da ke karɓa a wurinmu ba, balle masu saye da mudu. Ashana ma ta yi ƙasa, sai dai ba abin da za a yi wa hayar mota ba ne, a samo ta can wurinku a babbar kasuwar Garwa. Mai ma kada a jira ni da shi. Man auduga ne na Sodekoton, a Garwa ake tace shi, ɗauko shi daga nan zai zama biyan kuɗin mota a kan abin da ke ƙofar gidanmu. Sukari da madara da fulawa su ne zan loda daga nan, tunda daga kudu suke hawowa, a nan kuma jirgin ƙasa yake tsayawa.

Sai maganar kayan da hoto ya ɓoye, wadda ita ce ta sa na ce Yaya ya dakata da fitar da kuɗin shinkafa. Littafi ya nuna ya kamata a ce buhu 14 ne suka rage, ni kuwa 6 na gani. Kafin wani ya yi wa yaro mummunan zato, a duba hagun hoton: akwai tuli da aka lulluɓe da shuɗin tampol, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, kuma ƙasan buhu biyu ya leƙo ta gindinsa. Ina kyautata zaton sauran 8 ɗin suna nan, an rufe su ne saboda ƙurar hunturu da ke shigowa ta taga. Amma zato ne, sai an ɗaga tampol an ƙirga. Idan muka sayo buhu 10 yanzu alhali suna kwance, mun daskarar da kuɗin da sukari ke jira.

Haka nan buhunan gishiri sun tare rabin katakon ƙasa gaba ɗaya. A can muka saba tura katan ɗin tumatir da na sabulu, kuma littafi yana cewa akwai katan 2 na tumatir da ba a fasa ba. A saman kanta kuma akwai katan 3 a rufe, rubutunsu ya juya bango. Na san Buba yana ajiye kwalayen da suka ƙare don masu sari su zuba kaya, don haka ban ɗauke su a matsayin kaya ba har sai an girgiza su.

Abin da ya fi damuna da kayan baya ba ƙidaya ba ce kaɗai. Idan sabon kaya ya zo aka jera shi a gaba, tsohon yana can a lungu watanni, ga zafin Garwa da ke tafe a Maris da Afrilu, sito kuma rufin kwano ne. Gwangwanin tumatir yana kumbura, fulawa tana yin ƙwari, madara kwananta yana wucewa ba wanda ya lura. Duk gwangwanin da aka samu ya kumbura ko ya yi tsatsa a ware shi, kada ya je hannun mai saye ko da an rage kuɗi. Abinci ne, mutane za su ba 'ya'yansu.

Don Allah Yaya ya sa Buba ya yi waɗannan yau kafin ya rufe: ya ɗaga tampol ya ƙirga buhunan da hannu, ya janye gishirin ya duba bayansa, ya sauko da katan ukun nan ya buɗe, ya zazzage na sukarin. Ya jawo layin baya na tumatir gaba, ya karanta kwanan watan da ke gindin gwangwani. In ya gama ya sake ɗaukar hoto biyu, ɗaya daga bakin ƙofa, ɗaya daga gefen taga, ya ja baya yadda ƙarshen kanta zai shiga, ya kuma kunna fitila.

Motar da zan sa wa kaya ranar Alhamis da asuba za ta tashi, direban yana so ya sauka gangaren dutsen nan da ido kafin rana ta yi zafi. In amsa ta iso ni zuwa daren Laraba, zan san ko in ƙara tumatir. Sukari katan 8, fulawa buhu 5 da babbar madara katan 1 kuwa zan biya su gobe in Allah ya yarda, sai dai in Yaya ya ga a rage ko a ƙara. A gaida Hajiya da yara.

Ƙaninka,
Hamisu